Ƙwai Ɗaya a Tsakiyar Silin: Yadda Za Ki Raba Hasken Falonki Ba Tare da Fasa Bango Ba

Assalamu alaikum Anti. Gidan haya muke a Kano. Falonmu mita 4 ne a mita 5, samansa zubin kankare ne, kuma wurin ƙwai ɗaya tal aka yi masa a tsakiya, kusa da fanka. Soket uku ne a bango. Maigidana ya sa babban ƙwan LED fari mai wat 40, amma har yanzu lunguna duhu, kuma idan muka zauna sai ido ya yi ta zafi. Yara suna aikin makaranta a teburin da ke jikin bango, inuwar kansu ce take rufe littafin. Surukata Hajiya tana karatun Alƙur'ani bayan isha'i, ta koma haskawa da tocilan waya. Maigidan ya ce a sayo mai wat 60, mai wayarin ya ce sai an yi silin fi-o-fi an jera ƙananan fitilu, mai gidan hayar kuma ya ce kada a taɓa masa bango. Muna da ƙaramar inbata. Mene ne mafita?

'Yar'uwarki daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki roƙi maigida ya dakata da sayen mai wat 60 ɗin nan. Ba ƙarancin haske ne yake damunku ba. Ƙwan LED mai wat 40, idan na kirki ne, yana fitar da lumen, wato ma'aunin yawan haske, wajen 3,500, kuma wannan ya kusa isar falo mai girman naku. Matsalar ita ce duk hasken daga wuri ɗaya yake fitowa, daga sama, tsirara, babu abin da ya tausasa shi. An ɗora wa ƙwai ɗaya aikin fitilu huɗu ko biyar, kuma ko an ninka ƙarfinsa ba zai iya ba. Inuwar da ke kan littafin yara za ta ƙara baƙi ne kawai, zafin idon kuma ya ƙaru.

Bari in nuna miki dalili, domin idan kika gane shi, ke da kanki za ki riƙa sanin inda fitila take son zama. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda mutum yake zato. Idan kika ninka nisan da ke tsakanin fitila da littafi sau biyu, hasken da ke sauka a kan littafin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. To ki duba kujerar Hajiya. Daga ƙwan da ke tsakiyar silin zuwa shafin da take karantawa a lungun falo, nisan ya kai mita 3. Fitilar da za ki ajiye a gefen kafaɗarta kuwa, nisanta da shafin bai wuce santimita 60 ba. Ta fi kusa sau biyar, wato kowane ɗigon haskenta yana aiki sau ashirin da biyar fiye da na wancan na sama. Shi ya sa ɗan ƙwai mai wat 9 a gefenta zai yi mata abin da mai wat 60 a silin ba zai yi ba. Hajiya ta riga ta gano wannan da kanta, shi ne ya sa ta ɗauki tocila.

Masu aikin haske suna kasa hasken ɗaki gida uku. Akwai na gaba ɗaya, wanda yake sa ki ga hanya, ki ga fuskar baƙo, ki ga inda yaro ya yar da takalmi. Akwai na aiki, wanda ake kai shi daidai inda ido yake wahala, wajen karatu ko ɗinki ko tsintar shinkafa. Sai na ado, wanda ake haska wani abu da shi domin ido ya samu wurin sauka. Ku na farkon kawai kuke da shi, shi ma a mafi munin siffarsa. Sauran biyun kuwa ba sa buƙatar silin ko kaɗan. Soket ukun nan naki su ne za su ɗauke su.

Mu fara da na tsakiyar, tunda shi ne ake da shi. Abu biyu za ki yi masa: ki rage ƙarfinsa, ki kuma rufe shi. Ki sauko daga wat 40 zuwa wajen wat 18, wanda zai ba ki lumen kamar 1,600, sannan a sa masa hula ko ƙwaryar gilashi mai hazo wadda ba a ganin ƙwan ta cikinta. Zafin idon da kuke ji daga nan yake: wuri ɗaya mai tsananin haske a tsakiyar silin da bango masu duhu, ido yana ta ƙoƙarin daidaita kansa tsakanin biyun har ya gaji. Idan aka rufe ƙwan, hasken da yake fitowa daga wuri kamar dunƙulen hannu zai koma fitowa daga abu mai faɗin faranti, sai ya yi laushi, inuwa ma bakinta ya daina kaifi. Idan za ki zaɓa, ki ɗauki hular da take barin wani ɓangare na hasken ya tafi sama ya bugi silin, domin farin silin yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, kuma abin da ya dawo daga can ya fi kowane haske daɗin zama.

Amma ki kula da fankar. Wannan shi ne inda na taɓa yin kuskure a falon wata baiwar Allah da na yi wa jere. Na sa aka cire ƙwan da ke rataye aka maƙala faffaɗar fitilar nan mai lafewa a jikin silin, ta yi kyau da rana, muka tafi. Da dare ta kira ni ta ce kanta yana juyawa. Fitilar ta koma saman fukafukan fankar, kowane fiffike idan ya gifta sai ya yanke hasken, ɗakin gaba ɗaya yana ƙyafta-ƙyafta. Sai da muka cire ta. Saboda haka kafin ki sayi komai, ki kashe fankar, ki juya fiffikenta da hannu har ya zo kusa da ƙwan, ki duba. Idan ƙwan yana dab da bakin fukafukan, to fitilar da za ki saya dole ta rataya ta sauko daidai da fukafukan ko ƙasa da su kaɗan, kuma ta zama mai ɗan nauyi da iska ba za ta riƙa kaɗa ta ba. Idan kuwa akwai tazarar da ta haura rabin mita tsakanin bakin fiffiken da wurin ƙwan, mai lafewar ma za ta iya yi, amma a riƙe ta a wurin a kunna, a kunna fankar a gani kafin a ɗaure.

Sai launin hasken, kuma a nan na san za mu ɗan yi gardama da maigida. A jikin kwalin kowane ƙwai za ki ga lamba da harafin K a ƙarshenta. Wanda kuke da shi kusan tabbas 6500K ne, farin nan mai ratsin shuɗi da ya cika kasuwanninmu. Mutanenmu da yawa suna ganin shi ne haske na gaske, wai mai ruwan ɗorawa kamar wuta ce ba ta kawo da ƙarfi ba. Wannan tunanin ya samo asali ne daga zamanin tsohon ƙwai mai zare, wanda yake yin ja idan wuta ta yi rauni. A ƙwan LED ba haka abin yake ba: mai 3000K da mai 6500K idan lumen ɗinsu ɗaya, yawan haskensu ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta. Shi farin yana da amfani a kicin da shago da wurin aiki. A falo kuwa da dare yana busar da fuska, ya kashe launin kujeru, ya sa ɗaki ya yi kama da wurin jira. Ni 3000K nake ba da shawara, fari ne mai ɗan ɗumi, bai kai 2700K rawaya ba. Idan maigida ya ƙi sam, ku haɗu a 4000K. Abin da ba na so shi ne a cakuɗa, a sa fari fat a sama, rawaya a lungu, domin bangon zai fito kamar an yi masa fenti kala biyu. Ki tsayar da lamba ɗaya ki bi ta a duk falon. Wani ƙarin amfani kuma, ƙwarin damina sun fi zuwa wa farin haske mai shuɗi fiye da mai ɗumi.

Tunda kina riƙe da kwalin, ki duba abu biyu kuma. Ki nemi lambar da aka rubuta lm a gefenta, ita ce lumen, yawan hasken. Wat yawan wutar da yake ci ne kawai. Ƙwai mai wat 9 na kirki yana ba da wajen 800 lm, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Sannan ki nemi CRI ko Ra, wanda yake nuna yadda launuka suke fitowa a ƙarƙashinsa. Kada ya gaza 80, idan kika samu 90 ki ɗauka, a nan ne jan atamfa yake fitowa ja, ba kamar ya koɗe ba. Kwalin da babu lm a jikinsa, sai babbar lambar wat kawai, ki ajiye shi.

Yanzu da muka rage na tsakiya, falon zai ɗan yi duhu, kuma a nan ne fitila ta biyu take shigowa. Ki duba lungun da ya fi nisa da ƙofa, wanda idon mai shigowa yake fara sauka a kansa. Ki ajiye doguwar fitila ta tsaye a can, irin wadda bakinta yake kallon sama kamar kwano, da ƙwai mai wat 12, lumen wajen 1,100. Tsayinta ya kai santimita 170 zuwa 180 domin wanda yake tsaye kada ya hango ƙwan. Aikinta ta wanke bango biyun da suka haɗu a lungun da silin ɗin da ke samansu. Abin da yake sa mutum ya ji ɗaki yana da haske ba ƙasa ba ce, bango ne, domin shi ido yake kallo idan ana zaune. Ƙwan tsakiya yana zuba haskensa a kan kafet, inda ba a buƙata, ya bar bangon. Wannan fitilar ita za ta gyara haka, har za ki ga falon kamar ya ƙara faɗi.

Sharaɗinta ɗaya: bangon ya zama mai haske. Farin fenti ko ruwan madara yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken da ya same shi. Labule mai ruwan ƙasa ko jan wake mai duhu kuwa shanye shi yake yi, abin da zai dawo ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan lungun da kika zaɓa labule mai kauri ne ya rufe shi daga sama har ƙasa, kamar yadda muke son yi, to ki canza lungu, in ba haka ba kin ciyar da labule ne. Kuma ki sani kwanon nan mai kallon sama matattarar ƙura ce. A lokacin hunturu ki riƙa goge shi duk mako, bayan kin zare fulogin.

Mu zo kan Hajiya, domin ita ce ta fi ba ni tausayi a wasiƙarki. Idon mai shekara sittin yana buƙatar haske ninki biyu ko fiye na abin da idon mai shekara ashirin yake buƙata kafin ya ga rubutu iri ɗaya, ga shi rubutun Alƙur'ani yana da wasulla ƙanana da dole a bambance su. Ki saya mata fitilar karatu mai wuyan da ake lanƙwasawa, mai hular da ba ta fitar da haske ta gefe, da ƙwai mai wat 9. Ki tsayar da ita a gefen kujerarta, ɗan baya kaɗan, yadda hasken zai zo ta saman kafaɗa ya sauka a kan shafin, ba ta gabanta ba. Idan ta gaba ya zo, zai bugi takardar ya dawo cikin idonta, musamman idan takardar mai sheƙi ce. Bakin hular na ƙasa ya zama daidai da tsayin idonta idan tana zaune, wanda a kujerar falo yakan kama wajen mita ɗaya daga ƙasa ko sama da haka kaɗan. Idan ya fi haka tsayi za ta riƙa ganin ƙwan, idan ya gaza hasken ba zai rufe shafin duka ba.

Akwai abin da masu ƙera waɗannan fitilun ba su yi lissafinsa ba, shi ne mu mutanen zaman ƙasa ne. Hajiya wataran a kan sallayarta za ta zauna ta yi karatun, yara a kan kafet suke cin abinci, ke ma idan ƙawaye suka zo ƙasa kuke saukowa. Wanda yake zaune a ƙasa idonsa bai wuce santimita 70 zuwa 80 ba, don haka fitilar da ta yi daidai ga na kan kujera, shi cikin hularta yake hangowa. Dalilin da ya sa na ce mai wuyan lanƙwasa ke nan, domin a iya sauke kanta idan an sauko. Kuma duk fitilar da za ki ajiye a falon, ki zauna a kan kafet ki kalle ta kafin ki ce ta zauna. Idan kin hango ƙwan tsirara, ki juya ta ko ki nemi hular da aka rufe ƙasanta da farar roba mai hazo. A fitilar Hajiya kaɗai na yarda a saɓa dokar launi: idan ta ce 4000K ya fi nuna mata baƙaƙen, a ba ta, tunda haskenta a kan shafi yake tsayawa.

Na yara ya fi sauƙi. Suna fuskantar bango, ƙwan yana bayansu, dole kansu ya tare hasken. Fitilar tebur mai wat 7 ta wadatar. Ga mai rubutu da dama a ajiye ta a hagunsa, ga bahago a damansa, domin inuwar hannu ta faɗi bayan alƙalami, ba kan layin da ake rubutawa ba. Kan fitilar ya zama kamar santimita 40 sama da teburin. Kada kuma su kashe sauran fitilun falon su bar ta ita kaɗai, domin shafi mai haske a cikin ɗaki mai duhu shi ma yana gajiyar da ido.

Haka zancen yake ga talabijin. Ana sayar da siririn zaren fitila mai gam a bayansa, wanda ake soka shi a ramin USB na talabijin ɗin kansa. Wutar da yake ci ba ta wuce wat 4 ko 5 ba, yana kunnuwa tare da talabijin ya mutu tare da ita. Ki liƙa shi a bayan talabijin, ɗan ciki kaɗan daga baki, ya haska bangon. Fari zalla za ki saya, ba mai canza kala ja da kore da shuɗi ba.

Na ado shi ne na ƙarshe, kuma a nan nake roƙonki ki kama hannunki. Abu ɗaya za ki zaɓa, in ya yi yawa biyu: firam ɗin rubutun ayar da ke bango, ko kabet ɗin gilashi na kayan jerenki, ko tukunyar fure a lungu. Ƙa'idar ita ce abin da aka haska ya fi kewayensa haske kamar sau uku, in ba haka ba ido ba zai lura ba. Kin ga ke nan da ƙwai mai wat 40 yana ci a sama, babu fitilar adon da za ta fito. Sai da muka rage shi wannan ya zama mai yiwuwa. Ga tukunyar fure, ƙaramar fitila mai tsinin haske ta ƙasa, mai ƙwai irin GU10 na wat 5, a ɓoye ta a bayan tukunyar tana kallon sama, inuwar ganyen ta hau bango. Ga firam, ana samun siririyar fitilar da ake ɗaurawa a samansa, har da mai caji wadda ba ta da waya. Ga kabet kuma zaren fitila mai bolt 12: mita 2 na irin mai cin wat 4.8 a kowace mita ya kama kusan wat 10, sai ki haɗa shi da adafta mai 12V 2A domin ta samu sarari kada ta yi zafi. Ki liƙa zaren a bayan leɓen katakon gaba yana kallon ciki, yadda kwanukan za su haska amma ɗige-ɗigen fitilar ba za su fito ba. Ki guji irin zaren da ake sokawa kai tsaye a wutar gida ba tare da adafta ba, musamman a inda hannun yaro zai kai.

Wataƙila mai wayarin ya kawo miki shawarar dogon ƙarfen nan mai kawuna uku ko huɗu da ake ɗaurawa a wurin ƙwan tsakiya, a juya kowane kai inda ake so. Yana aiki, amma yana da iyaka a falo irin naku. Domin a haska firam da kyau daga sama, fitilar tana son zama kamar santimita 70 daga bango idan silin ya kai mita 2.8. Daga tsakiyar ɗakinku kuwa bango mafi kusa mita 2 ne, hasken zai zo a kwance, ya bugi gilashin firam ya dawo, ya kuma shiga idon wanda yake zaune a kujerar da ke ƙarƙashinsa. Ga fankar kuma a gefe. Ni ba zan sa shi a nan ba. Shi kuma silin fi-o-fi, kuɗinki ne za ki binne a gidan wani, kuma jera ƙananan fitilu goma a sama bai warware matsalar Hajiya ba, har yanzu hasken daga sama yake zuwa.

Mu yi lissafi saboda inbatar. Na tsakiya 18, na lungu 12, na Hajiya 9, na yara 7, na talabijin 4, na tukunyar fure 5. Duka wat 55 ke nan, kuma da wuya ki kunna su gaba ɗaya sai ranar da aka yi baƙi. Daren da kuke kallo kawai, na lungu da na talabijin da na ado sun isa: wat 21, kusan rabin abin da ƙwanku na yanzu yake ci. Amma ki bincika wani abu tun kafin ki kashe kuɗi. A gidaje da yawa, wanda ya haɗa inbata layin fitilu da fanka kawai yake ɗorawa a kanta, sai soket ɗaya ko biyu. Idan an ɗauke wuta yau, ki ɗauki cajar waya ki gwada soket ukun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kawo, shi za ki ba wa fitilar Hajiya da ta lungu, ko da sai kin sauya wa kujerarta wuri.

Wayoyin su ne abin da yake ɓata wannan tsarin idan aka yi sakaci. Kada ki bi da waya ta ƙarƙashin kafet, ana taka ta har rigarta ta tsage ba wanda ya gani. Ki bi da ita ta gindin bango a bayan kujeru, inda kuma za ta fito fili a sa ta cikin farin kwaroron roban nan mai murfi da masu wayarin suke kira tirankin. Akwai mai gam, ba ya buƙatar ƙusa, sai dai yakan ɗan ɗago fenti ranar cirewa, don haka ki sa shi a kan tayil ɗin gindin bango idan akwai. Kada ki yarda a ƙara wa waya tsawo ta hanyar murɗa biyu a naɗe da salatif. A sayi estenshan mai kyau, wanda kowane rami yake da makunninsa, wannan ma zai ba ki damar kunna fitilu biyu ko uku daga wuri ɗaya. Idan akwai mai rarrafe a gidan, dogayen fitilun su zama masu nauyin gindi, a cusa su tsakanin kujera da bango. Fitilar da jikinta ƙarfe ne kuma, ki tabbata fuloginta mai ƙafa uku ne da wayar ƙasa a ciki, sai dai idan a jikinta akwai alamar murabba'i biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda take nuna an yi mata rufi biyu.

Canza fitilar tsakiyar kuwa aikin mai wayarin ne, kuma ki tsaya a kansa ya kashe wutar daga akwatin gidan, ya kashe inbatar, ya gwada da abin gwaji kafin ya taɓa. Kashe makunnin bango bai isa ba, domin a wasu gidajen an juya wayoyin, ƙwan yana mutuwa amma wuta tana nan a bakin mariƙinsa. Cewa an ɗauke wuta ma ba hujja ba ce a gidan da ke da inbata. Ki adana tsohon mariƙin a leda, ranar da za ku tashi a mayar wa mai gida da abinsa.

Idan kina sha'awar makunnin da yake rage haske ya ƙara, sai ƙwan ya zama wanda aka yi don haka, kuma ana rubutawa a kwalinsa. Wanda ba shi ba zai riƙa rawa ko ƙara, ya mutu da wuri. Kada a haɗa ƙwai da abin rage gudun fanka. Gaskiya ma da fitilu shida masu makunni daban-daban ba ki buƙatarsa sosai, ga shi kuma ba ya jituwa da wutar ƙaramin janareta. Abin da ya fi shi amfani a wurinmu shi ne ki duba kwalin ko an rubuta faɗin wutar da ƙwan yake ɗauka, kamar 85-265V. Irin wannan ba ya dushewa idan wuta ta zo da rauni.

Ba sai kin sayi komai a wata ɗaya ba. Ki fara da fitilar Hajiya da ta yara, su ne masu ciwo, kuma ba sa jiran komai. Wata mai zuwa ki sayi ta lungu, a ranar ne kuma za ki sauke mai wat 40 ki sa ƙaramin da hularsa, domin idan kika rage na sama kafin na lungu ya zo, maigida zai shigo ya ga duhu ya ce a mayar. Na ado ya zo a ƙarshe. Idan kin shiga Sabon Gari sayayyar, ki tafi da hoton mariƙin kowace fitila a wayarki, domin akwai mai murɗi, E27, akwai mai kunnuwa biyu, B22, kuma ba sa shiga na juna. Ki sa mai shago ya kunna miki kowane ƙwai, ki ɗora tafin hannunki da gefen mayafinki a ƙarƙashinsa ki ga launin. Sannan ki buɗe kyamarar wayarki ki matsa kusa da shi. Idan kika ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa, kuma shi ne irin wanda zai sa wa Hajiya ciwon kai bayan rabin sa'a tana karatu. Ki ce ya ba ki wani.